Idan wanda ya ba ka aiki ya zo da ƙarin buƙata, a buɗe mata katinta

Tambaya: "Ina haɗa wa wani ɗan kasuwa manhaja a nan Sakkwato, kullum sai ya ƙaro buƙata. Ni kuwa sai in gyara bayanin aikin da ke hannuna in saka ta ciki. Yanzu aikin ya ƙi ƙarewa. Yaya zan yi?"

Malam, na taɓa faɗawa cikin wannan ramin, don haka bari in ba ka labarin yadda ta kasance da ni. Wani Alhaji mai shagon magani ya ba ni aikin manhajar sayarwa, na rarraba aikin a kan katunan Trello, manhajar tsara ayyuka da ake rubuta kowane ɓangaren aiki a katinsa. Ɗaya daga cikin katunan yana cewa a buga rasit bayan ciniki, ɗauke da sunan magani da adadi da jimillar kuɗi, kuma mun yi yarjejeniya a kan kwana 3. A rana ta biyu ya kira ni ya ce ya kamata rasit ɗin ya nuna bashin da ake bin mai saye. Na ga kamar layi ɗaya ne, sai na buɗe katin na ƙara. Ashe nuna bashi yana buƙatar a san wane ne mai sayen, a ajiye abin da ya biya a baya da abin da ya rage, alhali manhajar ba ta da rajistar abokan ciniki ko kaɗan. Bayan kwana biyu kuma ya nemi a riƙa tura rasit ta WhatsApp, shi ma na cusa shi nan.

Katin ya yi mako 3 a buɗe. Ranar da Alhaji ya tambaye ni dalilin da aikin kwana 3 ya kai haka, ban sami abin nuna masa ba, domin da hannuna na shafe bayanin farko, kuma abin da ke rubuce yanzu ya yi kama da abin da muka amince da shi tun asali. Shi ma ba zalunci ya nufa ba, ya manta ne kawai cewa buƙatun sun zo ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga nan, da zarar mun amince da kati kuma na sa masa kwanaki, ba na sake taɓa bayaninsa. Idan sabuwar magana ta zo, tambaya ɗaya nake yi wa kaina: in na kammala abin da ke rubuce kamar yadda yake, zai yi aikin da aka yi alkawari? Idan zai yi, to sabuwar maganar aiki ce mai zaman kanta, sai in buɗe mata kati, in rubuta ranar da aka nema da kalmomin mai nema yadda ya faɗe su, in sa mata nata kwanakin da kuɗinta, sannan in haɗa ta da katin farko. A GitHub, dandalin masu haɗa manhaja inda kowane aiki ke da lambarsa, wannan haɗawar ba ta da wahala, rubuta #14 a cikin sabon aikin ya isa ya bayyana a jikin aiki na 14 ɗin. Idan kuwa ba zai yi ba, misali jimillar rasit tana fitowa ba daidai ba, wannan kuskurena ne, a cikin tsohon katin zan gyara shi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ƙarin haske, kamar girman takardar da za a buga, sharhi nake sa shi a ƙasan katin.

Amfanin da ban zata ba shi ne na kunya. Ka san a wajenmu da wuya yaro ya ce wa babba a'a. Yanzu ba na cewa a'a. Cewa nake yi, "To Alhaji, na rubuta, bashi zai ci kwana 5, a fara shi ne ko a gama rasit tukuna?" Sau da yawa da kansa yake cewa a bari sai gaba, kuma akwai katunan da har yau bai sake tambayarsu ba.

Abin yana da iyaka. Idan ya ce a canja launin maɓalli ko a gyara harafi, buɗe wa kowanne kati ɓata lokaci ne, ni tara su nake yi a kati ɗaya na ƙananan gyare-gyaren mako. Idan kuma ya sauya ra'ayi gaba ɗaya, sai in rufe tsohon da bayanin kwanakin da ya riga ya ci, in buɗe sabo.

Game da naka aikin da ya riga ya cakuɗe, nemi duk katin da ke da "da kuma" a takensa, ko wanda ya wuce ninki biyu na kwanakinsa. Koma cikin saƙonninku ka zaƙulo abin da aka fara nema, ka mayar da katin kan wannan, sauran kuma ka fitar da su ɗaya ɗaya da ranakunsu. Ka kai masa jerin da kanka ku zauna ku duba tare, kada ka tura masa ta waya.