Tirayal balans ya zo daidai, ke nan babu kuskure?

"Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da littattafan shagon yayana na kayan masarufi. Na fitar da tirayal balans na ƙarshen wata, debit da kiredit sun zo daidai cif, naira 8,450,000 kowane ɓangare. Ke nan lissafina babu kuskure?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Sannu da ƙoƙari, amma kada ka kai wa Yaya wannan takarda ka ce masa komai lafiya tukuna.

Abu ɗaya ta tabbatar maka: duk kuɗin da ka rubuta a debit, jimillarsa ta yi daidai da wanda ka rubuta a kiredit, kuma ba ka yi tuntuɓe wajen tara lejarka ba. Ba ta san ko ka saka kuɗin a asusun da ya dace ba, ba ta kuma san abin da ba ka rubuta ba sam.

Na yi shekaru ina riƙe littattafan wani shagon sari a Kasuwar Singa, Kano, kuma akwai watan da ba na mantawa da shi. Ɓangarorin biyu sun haɗu har kwabo, ga kurakurai uku kwance a ciki.

Na farko, muna da kwastomomi biyu masu suna iri ɗaya, duka suna ɗaukar kaya bashi. Ɗaya ya biya 250,000, na yi debit ɗin banki, na yi kiredit ɗin asusun takwaransa. Jimillar bashin da muke bi ba ta canja ba, don haka takardar ba ta motsa ba. Sai da muka aika yaro karɓar kuɗi wurin mutumin da ya riga ya biya, ya zo da rasit a hannu ransa a ɓace. Har yau ina jin nauyin dattijon nan.

Na biyu ya fi ɓarna. An sayi janareta na 600,000, na zuba shi a asusun gyare-gyare saboda mai yi mana gyaran lantarki ne ya kawo shi. Janareta kadara ce da za ta yi shekaru tana aiki, kaɗan-kaɗan ake cire tsufanta daga riba. Da na mayar da shi kashe kuɗi na wata ɗaya, ribar watan ta faɗi da kusan 600,000 ɗin gaba ɗaya, kadarorin shago kuma suka ragu a takarda. Debit dai debit ne, ko a wane asusu ya sauka.

Na uku, dila ya kawo sukari na 380,000 bashi, takardar kayan ta maƙale a aljihun mai sito, ba ta iso teburina ba. Babu debit, babu kiredit, to me zai nuna? Amma da aka ƙirga kayan sito a ƙarshen wata, an haɗa da buhunan sukarin nan. Kaya sun shiga lissafi, kuɗin sayensu bai shiga ba, sai riba ta kumbura da 380,000, bashin da ake bin mu kuma ya ɓuya. Ka ga janareta ya ja riba ƙasa, sukari ya tura ta sama, abin da ya rage tsakaninsu wajen 220,000 ne, bai kai ya sa maigida ya yi zargin komai ba.

Akwai kuma wanda ke yawan kama sababbin hannu. Rasit ya ce 54,000, ka rubuta 45,000. In a ɓangare ɗaya ka juya lambobin, za ka ga giɓin 9,000, kuma duk giɓin da ya rabu da 9 ba saura, fara neman lambobin da aka juya. In kuwa tun daga littafin farko ka rubuta 45,000, ta bi ɓangarorin biyu, shiru za ka ji.

In da manhaja kake aiki, daidaiton ma bai gaya maka komai ba, domin ba ta karɓar shigarwar da debit da kiredit ɗinta ba su daidaita ba tun farko.

Abin da ke kama irin waɗannan shi ne shaidar da ta fito daga wajen littafinka. Karɓo takardar bayanin asusu daga banki, ka bi ta layi-layi da littafin kuɗinka. Nan za ka ga cajin banki da tiransifar da ba ka rubuta ba. Ka tura wa manyan masu ɗaukar bashi abin da kake bin kowa, su ce e ko a'a. Ka nemi kowane dila ya faɗi abin da yake bin ku, da haka sukarin nan ya fito. Ka bi lambobin rasit a jere, in 41 ta tsallaka zuwa 43, ina 42? Sannan ka buɗe asusun gyare-gyare ka karanta shi da ido, duk adadin da ya fi na sauran watanni girma ka nemo takardarsa.

Fara da bankin, shi ya fi sauri. In ka samu giɓi, turo adadin mu duba tare.