Kankana ba ta nuna a cikin mota

Tambaya: Salam Alhaji. Ina sayar da kayan marmari a Garwa. Na tura wa ƙanen matata sefa dubu 240 ya sayo min kankana 600 a wajen Lagdo, mota ta ci dubu 45, da kaya suka iso rabi fari ne fat a ciki. Ya ce in ajiye za su nuna. Ko in ci bashi in ninka lodi don in mai da asarata?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bashin nan ka ajiye shi gefe tukuna, wanda bai iya zaɓen kankana ɗari ba in ya ɗauko dubu asarar ce zai ninka. Kuma kada ka ɓata lokaci kana jira, kankana daga ranar da aka yanke ta daga jikin uwarta zaƙinta ya tsaya, ko wata guda ta yi a rumfarka sai dai ta yi laushi ta ruɓe, balle da zafin Garwa na watan uku da na huɗu. Surukinka lissafin gwanda ya yi mata. Gwanda ce ake tsinka da zarar ɗan rawaya ya fara fitowa a gindinta, ta ƙarasa nuna a hanya. Kai kuma ka damƙa jarinka a hannun wanda bai san wannan bambancin ba don kawai ɗan gida ne, to nan kuɗinka ya tafi.

Mu yi lissafi. Masu kyau 300 in ka sayar 750 kowace, dubu 225 kenan, fararen in ka samu mai ɗauka a 100, dubu 30. Ka kashe 285 ka samu 255. Da nunannun 300 kaɗai aka yanko, kuɗin kaya dubu 120, mota a ce 30, da ribar wajen dubu 75 kake ƙirgawa yanzu, kuma matan da ke sara a wajenka suna yankawa a tire ba su guje ka ba.

Kankanar gona ɗaya ba ta nuna rana ɗaya, shi ya sa ba a share gona a yanka ɗaya. Ka shiga da ƙafarka ka tsuguna. Daidai inda karan kankanar ya haɗu da yaɗon akwai wani siririn zare mai murɗewa, in ya bushe ya yi ruwan ƙasa ta kai ko ta kusa, in kore ne shar ka wuce. Sai ka juya ta a hankali ka duba inda ta kwanta a ƙasa. Wurin in fari ne ko kore-kore ɗanya ce, wanda kake nema shi ne ya yi rawaya-rawaya kamar man shanu. Sannan bawon, ɗanya tana sheƙi kamar an shafa mata mai, nunanniya kuwa sheƙin ya dushe. Sai ukun nan sun haɗu za ka ce a yanka, don zaren shi kaɗai yana yaudara, in gona ta sha ƙishirwa ko ciwo ya kama yaɗon yakan bushe kankana ba ta nuna ba. Bugun da mutane ke yi da yatsa suna saurare ni ban dogara da shi ba, sai kunnen da ya daɗe a harkar.

Wanda ya fi cin mutane shi ne busasshen kara a kasuwa. Ni kaina ya taɓa cina a Kusiri, wani dillali ya nuna min tuli guda, duk karansu a bushe, ya ce ai ka ga shaida. Na biya, sai da na fasa a gaban mai saye na ga ciki fari-fari, 'ya'yan ma ba su yi baƙi ba, wallahi kunyar ta fi asarar ciwo. Ashe kwana uku suka yi a rana bayan yanka, kara kuwa ko na ɗanya ne zai bushe. A kabewa ne busasshen kara mai tauri yake da magana, in ka haɗa da bawon da farce ba ya shiga. A kankanar da aka riga aka tara, kwancinta za ka duba.

Lodi na gaba ka je da kanka, ka tafi da surukin naka ya koya. Ku yi ciniki da manomi kan guda-guda na waɗanda ka nuna, ko da zai ɗora maka 50 a kowace ka yarda, sauran ka dawo musu bayan kwana biyar ko mako. Kafin a fara lodi ka zaro biyar daga wurare daban-daban na tulin, kai za ka zaɓa ba shi ba, a fasa a gabanka. In biyu suka fito fari, kada ko ɗaya ta hau mota sai an sake tantance tulin.