Farin bango da inuwa mai laushi: yadda za ki faɗa wa mai hoto abin da kike so

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da man kaɗanya a fararen robobi daga gidanmu a Unguwan Rimi, Kaduna, ta Instagram da WhatsApp. Sau biyu ina biyan mai hoto, ina ce masa ina son bayan hoton ya fito fari tas. Duk sau biyun robobin sun fito kamar suna yawo a iska, gefensu ya ɓace, man ma ya yi farin da ba nasa ba, har wata ta dawo min da kaya. Kuɗina na ƙarewa. Yaya zan bayyana masa? Maman Hanifa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri. Matsalar ta fara ne daga kalmar "fari tas", domin masu hoto da yawa, da zarar sun ji ta, abin da suke fahimta shi ne a kashe inuwa baki ɗaya. Wannan fahimtar ce nake fama da ita kullum, kuma ta ishe ni.

An ɗauka inuwa aibi ce, datti ce da za a wanke daga hoto. Sai a kunna filasha ta daki kayan gaba da gaba, ko a cika haske har komai ya ƙone, ko kuma mafi muni, a ɗauki hoton a kan teburin cin abinci a jefa shi cikin manhajar goge baya, a miƙo miki a ce an gama. Ido kuwa da inuwa yake gane cewa abu yana zaune a kan wani abu. Da ita yake gane roba zagayayya ce, murfinta yana da tudu, man da ke ciki yana da kauri. In aka ɗebe ta, sai kayan ya zama kamar takardar da aka yanko da almakashi aka liƙa. Naki ya fi kowanne hatsari, tunda farar roba ce a kan farin bango. Abin da kawai yake raba su shi ne ɗan duhun da ke bin gefen robar da wanda ke kwance a gindinta, in aka share su babu iyakar da ta rage. Manhajar ma ruɗewa take yi, ta ci gefen murfi tana zaton bango ne. Shi kuma man kaɗanya launinsa ruwan madara ne da ɗan rawaya-rawaya, kuma wannan launin ne mai saye take dubawa ta san ba gauraye ba ne. Wanda ya ƙara haske har ya mayar da shi fari fat ya sa ki tallata abin da ba shi za ki aika ba, ko da ba ki yi niyya ba. Abin da ya fi ba ni haushi, masu wannan aikin sukan ce "ai haka manyan kantuna suke yi". Ba haka suke yi ba. Amazon, babban kantin intanet, ta sharɗanta wa babban hoton kaya farin bango tsantsa, wato `RGB 255, 255, 255`, amma bangon ake nufi, ba a ce a ƙona kayan ba.

Laushin inuwa daga girman tushen haske yake zuwa, ba daga ƙarfinsa ba. Ranar tsaka tana da ƙarfi, amma ɗigo ɗaya ce a sama, shi ya sa inuwarta take da kaifi kamar an ja ta da reza. Filashar waya ma haka. Taga mai faɗi da aka rufe da farin labule mara kauri kuwa, hasken yana zuwa daga ko'ina a faɗinta, sai bakin inuwar ya narke a hankali. Kin lura da yadda inuwa take dusashewa a Kaduna ranar da hazo ya rufe gari? Dalilin ɗaya ne, sai dai hazon yakan sa wa hoto launin ƙasa-ƙasa, ga ƙura da ke sauka a kan farin kwali cikin ƴan mintuna.

Ga yadda zan tsara robarki mai tsayin kamar santimita 8. A samu babban farin kwali mara sheƙi, a manna samansa a bango, a bar ƙasansa ya lanƙwaso kan tebur ba tare da an karya shi ba, don kada layi ya fito a baya. A ajiye teburin kamar rabin mita daga taga, hasken yana shigowa ta gefe, a lokacin da rana ba ta dukan tagar kai tsaye. A janyo robar kamar santimita 30 daga lanƙwasar. A ɗaya gefen a tsayar da wani farin kwalin, kamar taƙi ɗaya daga robar, ya riƙa mayar da haske cikin inuwar. In an matso da shi inuwar ta yi sauƙi, in an janye ta yi duhu, da shi ake daidaita ta. A kashe ƙwan ɗaki, musamman mai haske rawaya-rawaya, domin in ya haɗu da na taga rabin kwalin zai yi rawaya, rabi shuɗi-shuɗi, kuma gyaran wannan wahala ne.

Kamara in ta ga fari ya cika mata ido sai ta rage haske, kwalin ya fito ruwan toka. Maganinsa a ƙara haske da hannu a saitin kamarar, kamar `+1`, a tsaya kafin gefen robar ya fara ɓacewa. Sauran farin a cike shi wajen gyara, a bangon kaɗai.

Sai ki aika masa da rubutu irin wannan, kada ki tsaya a faɗa da baki: "Ina son roba ɗaya a tsakiyar hoto, a kan farin kwali mai lanƙwasa, babu layi, babu ado. Haske mai laushi ya zo daga hagu, ba filasha. A bar siririyar inuwa a gindin robar, ta ɗan karkata dama, bakinta ya narke, kuma inuwa ɗaya ce, ba biyu ba. Gefen robar da na murfin su fito sarai. Launin man ya zama daidai da na zahiri. Kada a goge baya da manhaja. Hoton ya zama murabba'i, aƙalla fiksel 1080 kowane gefe, robar ta cika mafi yawansa. Duk kayan a ɗauke su daga tsayi ɗaya, inuwarsu ta fuskanci gefe ɗaya." Wannan na ƙarshen kada ki raina shi, domin in an jera hotuna tara a shafinki, wanda inuwarsa ta saɓa shi ne zai fara tsone ido.

Kafin ki biya cikon kuɗin, ki ce ya turo hoto ɗaya na gwaji ta WhatsApp a matsayin `Document`, don kada a matse shi. Ki faɗaɗa shi da yatsu ki bi gefen murfin: in kin ga tsattsage ko wani farin zobe, an yanke shi ne. Ki duba gindin, in inuwar ta zama dunƙulen toka da bai manne da robar ba, zana ta aka yi daga baya. Daga nan ki buɗe roba ɗaya kusa da taga, ki riƙe wayar a gefenta, ki gwada launin man da na hoton. In ba su dace ba, ki ce ya rage haske ya sake ɗauka.