Amsa ga 'yar uwa mai neman kusurwar aiki a falo

"Salam 'yan uwa. Ciki da falo muke a Samaru, ni da maigida da yara uku. Na samu aikin da zan riƙa yi da laftof daga gida, yanzu a kan kushin nake yi bayana duk ya ƙage. Ina so in ware kusurwa ɗaya a falo in sa tebur da kujera da fitila. Wacce ta taɓa yi ta ba ni shawara don Allah, kuɗin ba yawa."

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, wallahi ina karanta tambayarki sai da na ji kafaɗata ta amsa. Abu ɗaya zan roƙe ki tun kafin ki kashe ko sisi: kujera za ki fara samu, ki zauna a kai ki auna jikinki, sannan a yi tebur. Kar ki bar kafinta ya yanka miki tebur da awon da ke kansa.

Ga yadda ake awon, da tef ɗin tela ma ya isa. Ki zauna a kujerar da za ki yi aiki a kai, tafin ƙafarki duka a ƙasa, ki saki kafaɗa, ki lanƙwasa hannu kamar kina buga kibod, sai wani ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunki. Wannan shi ne tsayin teburinki. Ni ba doguwa ba ce, kujerata inci 17 ce daga ƙasa, gwiwar hannuna ta tsaya a 27. Teburan da ake sayarwa haɗaɗɗu yawanci 29 zuwa 30 ne, wato sun fi dacewa da mai tsayi.

To na rubuta 27 a takarda da hannuna na kai wa wani kafinta a Tudun Wada, na ce faɗi ƙafa uku da rabi, zurfi ƙafa biyu, durowa a gefe. Mutumin nan ya karɓi kuɗin katako, ya yi ta ja min rai, yau ya tafi ɗaurin aure gobe yaronsa ba lafiya, ranar da aka sauke teburin daga Keke na sa tef na ga 32! Kuma ya maƙala wata ƙatuwar durowa a tsakiya daidai inda gwiwa za ta shiga. Na kira shi, wai "Hajiya ai teburin ofis haka yake, naki awon na 'yan firamare ne." Ni da zan zauna a kai, shi ne ya fi ni sanin jikina. Har da cewa ya ƙara min katako kyauta ban gode ba. Kuma lokacin aiki ya taso min ba halin jira, haka na riƙa aiki kafaɗa a ɗage, hannu a rataye, gefen teburin yana gurzar min tsintsiyar hannu, in dare ya yi wuyana ba ya juyuwa sai an shafa min man zafi. Wata rana ina sallar isha'i na kasa juya kai in yi sallama sai da na juya da jikina gaba ɗaya, na zauna a kan dardumar na yi ta kuka, ba don ciwon kaɗai ba, don takaicin kuɗina ne na biya aka yi min wannan. Da hunturu ya shigo kuma saman ya banƙare ya tsage, ashe ɗanyen katako ya sa, iskar Zariya ta busar da shi. Har yau in na wuce ta layinsu sai raina ya ɓaci, Allah ya isa dai ban ce ba amma na kusa.

Wani dattijon kafinta ne ya yanke inci biyar daga ƙafafun, ya cire durowar tsakiya. Ke ma ki kula da wannan, ƙarƙashin teburin ya zama fili, cinyarki ta shiga ba ta gogar komai. Durowa a gefe, kuma mai makulli, don yaran nan uku ba za su bar miki caja ko biro ba. In kuma tsohon tebur kika samu ya yi miki tsayi, ki ɗaga mazaunin da filo mai tauri, ki sa ɗan benci ko bulo a ƙarƙashin ƙafa kar ta yi reto. Kujerar roba tana yi na ɗan lokaci in kin sa ƙaramin filo a ƙugu, sai dai mai hannu sau da yawa ba ta shiga ƙarƙashin tebur, sai ki ga kina miƙa jiki gaba.

Wace kusurwa kuma? Taga ta kasance a gefenki. In tana gabanki haske zai kashe miki ido, in tana bayanki zai faɗo a kan sikirin, kuma a kiran bidiyo fuskarki baƙi ƙirin za ta fito. In tagar yamma take kallo ki sa labule mai kauri, kin san ranar Maris da Afrilu bayan azahar. Da hunturu kuwa ki riƙa rufe laftof da ɗankwali in kin tashi, ƙura na toshe masa fanka ya yi ta zafi yana ƙara. Ki bar wajen ƙafa uku a bayan tebur don jan kujera, kuma in kina kiran bidiyo ki yi ƙoƙari bango ne a bayanki ba hanyar wucewa ba, ni maigidan ya taɓa giftawa da singileti ana tsakiyar mitin. Talabijin ma kar ya zama a inda idonki zai kai.

Maganar mutanen gida kam sai haƙuri. Baƙuwa za ta shigo ta ɗora mayafi da jaka a kan takardunki, a ajiye kofin kunu kusa da kwamfuta, in kin yi magana a ce kin zama 'yar boko. Ni tun farko na gaya wa yara nan ofishin Mama ne, kuma ekstenshan ɗin na sa aka kafe shi a jikin teburin daga sama, ba waya a ƙasa inda mai rarrafe zai ja ko ruwan mofa ya taɓa.

Sai fitila. Ƙwan tsakiyar falo ba zai wadatar ba, don in kin fuskanci bango ƙwan yana bayanki, inuwar kanki ce za ta rufe takardar. In kuma ƙwan yana saman fankar sama, hasken zai riƙa ƙyaftawa, ciwon kai ne kawai. Ki nemi fitilar tebur mai caji mai lanƙwasa wuya, ko a Sabon Gari za ki samu, saboda ɗauke wuta. In da dama kike rubutu ki ajiye ta a hagu don kar hannunki ya yi inuwa, ki karkata ta ga takarda da kibod, ba ga sikirin ba. Ki duba jikin kwalin, in an rubuta 6500K fari ne fat mai ɗan shuɗi-shuɗi, ni da dare yana gajiyar min da ido, 4000K ya fi min daɗi. Kuma kar ki kashe duk fitilun falo ki bar sikirin kaɗai don yara na barci, ido na wahala sosai, gara ki juya fitilar ta haska bango kaɗan.

Na kusa mantawa, laftof a kan tebur kai tsaye zai sa ki sunkuya. Ki ɗora shi a kan manyan littattafai har saman sikirin ya zo daidai idonki, nesa da ke kamar tsawon hannu, sai ki sayi kibod da maus daban ki jona. In kuɗin bai kai duka a lokaci ɗaya ba ki fara da kujera da kibod ɗin, teburin ko na cin abinci ne ki lallaɓa da shi zuwa ƙarshen wata. Ranar da za a yanka katakon kuma ki tura maigida ko ƙaninki da tef ya tsaya a kai.