Muryar Kawu kan imarar gado ta Jidda

Tambayar Hajiya: "Kawu don Allah ka duba mana takardar nan. Imarar marigayi, benen hayarsa, dillali ya ce riyal miliyan 3 za ta yi, mai saye ya bi ta banki, mukayyim mai ƙiyasta darajar gida ya zo ya rubuta miliyan 2 da dubu 400. Anya ba haɗa baki suka yi da mai sayen ba?"

Ga abin da Kawu ya faɗa, na rubuta saboda waɗanda ba su samu sauraro ba:

Salamu alaikum, Hajiya ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙan Alhaji. To na karanta takardar har sau biyu, kuma gaskiya ni ban ga alamar haɗin baki ba, sai dai akwai waje ɗaya da zan nuna miki in mun je can.

Ki fara cire miliyan 3 ɗin nan daga ranki tukunna. Wannan haddi ne, ya'ani kuɗin da mai kaya ya yanka, kuma kin san kasuwar nan akwai haddi akwai saumu, saumu shi ne tayin da masu saye suka yi, kuma duk biyun ba ciniki ba ne sai an je an yi ifragi, ya'ani sakki, takardar mallaka, ya koma sunan wani. Dillali kuma sa'ayinsa, ya'ani la'adarsa, kashi 2.5 ne, in an sayar miliyan 3 dubu 75 ke nan, sannan yana so ku bar masa imarar a hannunsa kar ku kai wa wani maktab, to me zai hana shi faɗa miku abin da kunne ke so. Shi mukayyim lasisinsa na hukumar Takyim ne, kuɗin aikinsa ɗaya ne ko an sayar ko ba a sayar ba, in ya yi coge a bakin lasisinsa ke nan.

Hanya uku ya bi, duk suna cikin takardar. Wadda ya fara da ita kwatanci ne, a nemo irin kayanki da aka riga aka sayar kwanan nan a unguwar, ba wanda aka liƙa a manhajar Aƙar wata takwas ba wanda ya taya ba, a'a, wanda kuɗi ya shiga hannu, kuma yanzu cinikin da aka rubuta ana ganinsa a bursa, shafin cinikin gidaje na ma'aikatar shari'a. Ya kawo guda uku. Ɗaya ta tafi miliyan 2 da dubu 700, amma ita a kan kwana take, titi biyu, ga lifta, taku kuwa titi ɗaya ba lifta, sai ya zabge kashi 10, ta dawo 2,430,000. Ta biyu filinta mita 450 aka sayar 2,250,000, mita ɗaya ya kama riyal 5,000, naku mita 500 ne, ya zama miliyan 2 da rabi. Ta ukun miliyan 1 da dubu 900, ya jefar da ita don tsakanin wa da ƙani aka yi cinikin, ba farashin kasuwa ba ne. Kin ga wanda yake son ya karya muku kaya ai da ita zai kafa hujja, ba zai jefar ba.

Hanyar kuɗin gini ba zan daɗe a kanta ba. Fili mita 500 a kan 3,000, miliyan 1 da rabi. Ginin in yau za a ɗaga shi sabo, mita 900 a kan 1,800, ya kama 1,620,000, amma shekararsa 18 kuma ya ɗauka gini irin wannan shekara 40 yake yi, to kashi 45 ya tafi, saura 891,000. Haɗa da fili, 2,391,000. Na san za ku ce ai Alhaji ya zuba marmara ya yi kaza ya yi kaza, wallahi na sani, ina nan aka yi, amma abin da mutum ya kashe daban abin da kasuwa za ta biya daban. Ita wannan hanyar an fi dogara da ita a sabon gini ko abin da ba a cika sayarwa ba kamar makaranta ko asibiti, a nan shaida ce kawai.

Wadda ta fi nauyi a imarar haya ita ce ta kuɗin shiga, don wanda zai sayi shuƙƙa, ya'ani fulat, har shida ba kwana zai yi a duka ba, haya yake saye. Kowace shuƙƙa dubu 35 a shekara, shida dubu 210. Amma wannan ba shi ke shiga aljihu ba, ɗan haya ya tashi shuƙƙa ta zauna ba kowa kafin a samu wani, ya cire wata ɗaya, 17,500, sai gyaran famfo da tanki da fenti da mai gadi da wutar matakala, 24,500, abin da ya rage tsaf dubu 168. Sai a tambaya, mai kuɗi a wannan yankin ribar nawa yake nema a shekara kafin ya zuba kuɗinsa a tsohuwar imara? Ya ce kashi 7. Raba 168,000 da kashi 7 cikin ɗari, miliyan 2 da dubu 400 cif. Yanzu ki juya lissafin, wanda ya ba ku miliyan 3 ribarsa ta koma kashi 5.6, ga tsohon gini ga ciwon kan 'yan haya, me ya yi masa zafi.

Amma fa ki lura da wannan kashi 7 ɗin, shi ne linzamin. In ya ce 6, imarar ta zama miliyan 2 da dubu 800, in ya ce 8 ta faɗo miliyan 2 da dubu 100, lamba ɗaya ta motsa ɗaruruwan dubbai sun motsa. Shi ya sa mukayyim biyu za su shiga gida ɗaya su fito da adadi biyu kuma ba wanda ya yi ƙarya. Kuna da damar tambaya daga waɗanne cinikayya ya samo 7 ɗin.

To ga wajen da na ce. Mulhaƙin nan, ɗakin sama da Alhaji ya ƙara, wanda ake haya dubu 18, bai sa shi ba ko kaɗan, ya rubuta cewa ba ya cikin lasisin gini kuma ba shi da kwantiragi a Ijar inda hukuma ke rajistar haya, hannu da hannu ake karɓa. Shi kuwa dillali na tabbata ya lissafa da shi. Dubu 18 a kan kashi 7 ya haura dubu 250, kusan rabin tazarar da ke tsakaninku ke nan. In akwai takardar baladiya, hukumar gari, da ta halatta shi a cikin kayan marigayi ku nemo ta ku kai, a sake dubawa, in babu to ba laifin mukayyim ba ne, banki ba ya ba da bashi a kan ɗakin da gobe za a iya cewa a rushe.

Shi banki tsakanin farashin ciniki da ƙiyasin mukayyim ƙaramin yake ɗauka, don in mai saye ya kasa biya imarar ce jinginarsa. Ba wai an hana ku sayarwa miliyan 3 ba ne, ku sayar in kun samu, sai dai cikon dubu 600 ɗin daga aljihun mai saye zai fito ban da kason da zai fara biya, yawanci a nan ciniki ke mutuwa. Kar kuma ku manta harajin cinikin gidaje kashi 5 da aka kawo a 2020, ku daidaita wanda zai biya tun kafin a zauna.

Ni da ni ne, tunda magada ne da yawa kuma har da marayu ƙanana, ku ɗauko mukayyim naku mai lasisi ku biya shi da kanku, in ya zo kusa da 2.4 ko 2.5 magana ta ƙare kowa ya ga takarda biyu da idonsa, in ya yi nisa ku turo min in ga a ina suka saɓa. Ki gaida yara, ki ce wa Babangida ya duba jakar takardun nan ta Alhaji yau yau.