Bawul ɗinka ne ya cije, ba saitin ba

Tambaya: «Assalamu alaikum, Injiniya. Ina kula da na'urorin awo a wata masana'antar sabulu a Sharaɗa, Kano. Layin ruwanmu ya ƙi zama wuri ɗaya. Mun sa SP, wato inda muke so ruwan ya zauna, a 30, mita tana auna 0 zuwa 50 m³/h, amma PV, wato abin da mitar ke nunawa, sai ya zauna a 29.2, can ya yi tsalle zuwa 30.8, ya sake dawowa. Da saitin kwanturola na Kc 0.5 da Ti daƙiƙa 20 zagayen yana cin daƙiƙa 100. Mun rage Kc zuwa 0.25, ya koma kusan minti 5, tsallen kuwa yana nan. Bawul ɗin na iska ne, I/P mai mayar da siginar lantarki zuwa matsin iska kawai ke gare shi. Manaja ya ce in zaɓi ɗaya: a ɗauko ƙwararren saiti daga Legas, ko a sayi fosishina mai daidaita buɗewar bawul, ko sabon bawul. Wanne zan ce?»

Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar mutumin Legas ya sha zamansa tukuna. Lambobin da ka aiko sun riga sun tona asirin mai laifi, kuma ba ya cikin kwamfuta, yana can kan bututu.

Ka san ƙofar katako idan ta sha damina ta kumbura. Ka tura a hankali, shiru. Ka ƙara ƙarfi, shiru. Sai ka sa kafaɗa, ta ɓalle gaba ɗaya har ta bugi bango. Ba ka da ikon buɗe ta ɗan kaɗan, domin ƙarfin da ake bukata a tayar da ita ya fi wanda ake bukata a ci gaba da tura ta. Haka sandar bawul take a cikin fakin ɗin da ke matse ta don kada ruwa ya tsiyaye. Masu sana'a na kiran abin sitikshan, mu dai a wurin aiki cewa muke bawul ya cije. Iska ce ke tura sandar, ita kuwa iska matsuwa take kamar sifirin, tana tara ƙarfi a cikin akcuweta, wato ɓangaren bawul da ke tura sandar. Da sandar ta saki, duk abin da aka tara sai ya fita lokaci guda, ta wuce inda ake so.

Yanzu ka haɗa wannan ƙofa da kwanturola. Ɓangaren I na PID, wato lissafin da kwanturola ke bi, ba ya haƙuri da kuskure komai ƙanƙantarsa. Muddin PV bai zo daidai da SP ba, zai yi ta tura OP, wato umarnin da kwanturola ke aika wa bawul, a hankali. Ruwa na 29.2, ana son 30, OP na hawa, bawul bai motsa ba. Ya ɓalle, ruwa ya koma 30.8. Kuskure ya juya, OP ya fara sauka, bawul ya sake cijewa a sabon wuri. Wurin da zai ba da 30 cif yana tsakiyar tsallen, kuma sandar ba ta iya tsayawa a can. Shi ya sa lilon ba ya mutuwa, ba ya kuma girma.

Mu lissafa da naka. Kuskuren 0.8 a kan ma'aunin 50 shi ne kashi 1.6 cikin 100, mu kira shi e. Idan kwanturolarku irin da aka saba ce, wadda Kc ke ninka ɓangaren I ma, saurin hawan OP shi ne:

```
Kc × e / Ti = 0.5 × 1.6 / 20 = 0.04 %/s
```

Rabin zagaye daƙiƙa 50 ne, ke nan OP na tafiyar kashi 2 a hankali kafin sandar ta saki. Ka ƙara da ɗan zabura da ɓangaren P, mai amsa canjin kuskure nan take, ke yi a lokacin tsallen: PV ya motsa kashi 3.2, sau 0.5, ya ba da 1.6. Jimla 3.6. Wannan shi ne nisan da OP zai yi kafin bawul ɗinka ya yarda ya juya baya, kuma ba ruwansa da saiti. Da kuka mayar da Kc 0.25, zaburar ta koma 0.8, saura 2.8, saurin kuma ya koma 0.02. Raba 2.8 da 0.02, daƙiƙa 140. Zagaye cikakke 280, wato minti 4 da daƙiƙa 40. Ga «kusan minti 5» ɗinka nan. Ka buɗe tarihin OP ka duba, ina sa ran za ka tarar tazarar sama da ƙasa ba ta yi nisa da 3.6 ba a saitin biyu.

Da a ce saitin ne ya yi zafi, da rabin Kc ya kwantar da shi. Lilon mugun saiti santsi ne da shi, PV da OP duka suna lanƙwasa kamar igiyar ruwa, kuma girmansa na canzawa idan ka taɓa lambobi. Na cijewa a layin ruwa kamanninsa daban: PV ya kwanta, ya yi tsalle, ya kwanta, OP kuma ya fito kamar haƙoran zarto. Amma kada ka ɗauki wannan hoto ka kai shi ko'ina. A tankin da ake riƙe tsayin ruwansa, PV ne ke fitowa da tsini sama da ƙasa, a layin zafi kuma jinkirin tukunya na goge kusurwoyin har abin ya yi kama da mugun saiti sak. A can ne aka fi cin zalin kwanturola.

Kafin ka koma wurin manaja, ka yi gwaji na rabin awa wanda ba ya cin ko sisi. Ka sanar da mai aikin ɗakin kula, ka zaɓi lokacin da ɗan motsin ruwa ba zai ɓata kaya ba, ka mayar da layin MAN, wato kai ne ke juya OP da hannu. Idan lilon ya ci gaba alhali OP na tsaye, to daga waje yake zuwa, wataƙila famfo ko wani layin da kuke raba bututu da shi, kuma duk abin da na faɗa a sama sai a ajiye. Idan ya tsaya cak, matsalar na cikin layin. Sai ka tura yaronka gindin bawul da rediyo, ya manna ɗan tef a jikin sandar ya zuba mata ido.

Ka ƙara OP da 0.5, ka jira daƙiƙa 20 ko 30, ka sake ƙarawa, har sandar ta motsa karo na farko. Wannan motsin kada ka ƙirga shi, share fage ne. Daga nan ka ci gaba ta wannan fuskar kana ƙirgawa. Lafiyayyen bawul zai amsa kusan kowane taki. Mai cijewa zai yi shiru sau 3, a na 4 ya yi tsalle ya biya bashin duka. Sannan ka juya ƙasa ka ƙirga taki nawa kafin ya motsa; a lissafinmu zai kai 7 ko 8. Ka maimaita a wurare biyu ko uku, domin sau da yawa cijewar ta fi tsanani daidai inda bawul ya saba zama.

Akwai abin da ake rikita shi da wannan, wato lako-lako a mahaɗin sanda da akcuweta, musamman a bawul mai juyawa. Shi ma yana shiru idan an juya, amma da ya kama sai ya bi kowane taki lami lafiya, babu tsalle. A layin ruwa irin naka lako-lako kaɗai yana sa jan ƙafa ne, ba ya riƙe lilo har abada. Tsallen ne shaidar cijewa.

Idan gwaji ya tabbatar, fara da sifana kafin takardar sayayya. Mafi yawan abin da na tarar shi ne wani ya ga ɗigo a wuyan bawul, ya ɗaure notocin fakin iya ƙarfinsa, ɗigo ya tsaya, kowa ya yaba masa. Na taɓa kwana biyu ina juya lambobi a wata masana'anta kafin wani dattijo cikin masu gyara ya ce mini, «Yallaɓai, ai ranar Talata na ɗaure shi.» Ka duba ko notocin biyu sun ɗauru daidai da juna, domin idan ɗaya ya fi, abin matsewar na karkacewa ya riƙe sandar. Ka duba jikin sandar: ƙurar hunturu da ta haɗu da maiƙo, tsatsa, zane, ko ɗan lanƙwasa. Ka duba iskar ma, ko matsinta ya kai abin da aka rubuta a jikin akcuweta, ka kuma zubar da ruwan da ya taru a tacenta. Kada dai a kwance fakin alhali layi na ɗauke da matsi; a rufe, a sauke, sannan a taɓa. Ka tambayi kuma irin fakin da ke ciki. Na girafait ya fi na tefulan riƙo sosai, an yi shi ne don tururi da zafin da ya haura digiri 200. A layin ruwan sanyi ba shi da aikin yi.

To, batun kuɗi. A cikin ukun da aka ba ka, fosishina zan zaɓa, tare da sabon fakin na tefulan, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Dalili kuwa: I/P ɗinka na mayar da 4–20 mA zuwa 3–15 psi ne kawai, bai san inda sandar take ba. Kashi 1 na OP bai wuce 0.12 psi ba, shi ya sa ake daɗewa ana lallashi. Fosishina na kallon sandar kanta, idan ta ga ba ta je inda aka ce ba sai ta buɗe mata iska da yawa nan take. Wancan 3.6 zai ragu ƙwarai. Sai dai ba ta cire gogayyar, danne ta take yi, don haka idan aka ɗora ta a kan fakin da aka shaƙe, tsallen zai ragu ne kawai. Kuma da yawa daga cikin fosishina masu lantarki suna da nasu ɓangaren I a ciki. A kan sanda mai cijewa shi ma yana iya fara nasa lilon, har kana MAN. Ka ce wa mai sakawa ya kashe shi ko ya ba shi ɗan sarari, kuma ya maimaita gwajin taki 0.5 a gabanka kafin ka sa hannu a takardarsa.

Sabon bawul sai idan an buɗe an ga sanda ta lanƙwashe ko cikin ya cinye, ko kuma idan OP na yini ƙasa da kashi 15 ko 20. Wannan alama ce bawul ɗin ya yi wa aikin girma, kuma a irinsa ƙaramin tsalle na zama babban ruwa. In haka ne, kada a sayo irin girmansa, a sake lissafi.

Kafin ranar gyara, idan sabulunku zai jure kuskuren 0.8, ka nemi saitin da ke dakatar da ɓangaren I idan PV ya matso kusa da SP. Sunansa ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Ka ba shi faɗin da ya ɗan fi rabin tsallen, kamar 1 m³/h kowane gefe. Ruwan zai zauna a 29.2 ko 30.8 ya yi shiru, sandar ta huta da goga fakin. Ka rubuta a littafin aiki cewa na wucin gadi ne, ka kuma rubuta Kc 0.5 da Ti 20 na asali, domin bayan gyara can za ku koma ku fara.