Hukuncin maƙwabcin da janaretansa ke hana mutanen gida barci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a gidan haya a Kano, mu magidanta huɗu, tsakar gida ɗaya. Maƙwabcina yana ajiye janaretansa jikin bangon ɗakina, ƙarƙashin tagar da yarana ke kwana. In babu wuta yakan tayar da shi daga magariba har wajen ƙarfe biyu na dare. Na yi masa magana sau biyu, ya ce shi ma kuɗin haya yake biya, kuma yaransa ba sa iya barci sai da fanka. A sauran mu'amala mutumin kirki ne. Shin ina da haƙƙin hana shi? In na kai ƙararsa wurin mai gida ko mai unguwa, na yi gibarsa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka faɗi uzurin maƙwabcinka da kirkinsa tare da kukanka.

Ba ka da haƙƙin hana shi amfani da janareta gaba ɗaya. Kana da haƙƙin a ɗauke maka shi daga jikin bangonka da tagarka, kuma a iyakance masa lokaci da dare. Kai ƙara wurin wanda zai iya gyarawa ba giba ba ce.

Asalin mas'alar shi ne hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Ibnu Majah ma ya ruwaito shi: "Babu cuta, babu cutarwa." Kuɗin hayar da ya biya ya ba shi amfanin ɗakinsa da rabonsa na tsakar gida, amma bai saya masa barcinka ba, domin kai ma ka biya ne don ka kwana a naka. Sai dai malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki kowace damuwa a matsayin cutar da alƙali zai hana ba. A Mukhtasar, Shaihu Khalil ya lissafa abin da ake hana maƙwabci: hayaƙi irin na gidan wankan jama'a da ake hura wuta don ɗumama ruwa, wari irin na majema, da abin da zai cutar da bango. Ya kuma lissafa abin da ba a hanawa, a ciki har da sauti irin na masu bugun tufa. Masu sharhi suka haɗa da maƙeri da kafinta, suka ce dalilin shi ne cutar mai sauƙi ce, sannan suka kawo ƙaidin cewa wannan in sautin bai yi tsanani ba kuma bai dawwama ba. In ya tsananta ya dawwama, ana hanawa.

To mu ɗora mas'alarka a kan wannan. Janaretan da ke aiki daga magariba zuwa bayan isha'i, lokacin da kowa ke farke, ana cin abinci, yara na karatu, ya shiga cikin abin da ake haƙuri da shi, musamman a garin da rashin wuta ya zama ruwan dare. Wannan ba ka da magana a kansa. Amma mai bugu da maƙeri da rana suke aiki, su tashi da yamma. Injin da ke ruri a kan mutum har ƙarfe biyu, kusan kullum, a lokacin da Allah Ya sanya dare don natsuwa, ya haɗa tsanani da dawwama, har yana iya sa mutum makara sallar asuba.

Akwai abin da ya fi ƙarar nauyi, kuma ba ka ambace shi ba: hayaƙin. Injin fetur yana fitar da iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci ba tare da ta farkar da shi ba. Shi ya sa masana lafiya ke cewa a ajiye janareta a fili, kamar mita 6 daga taga da ƙofa, bakin salansa yana kallon wani wajen. In yaranka suna tashi da ciwon kai, jiri ko tashin zuciya a daren da aka kunna shi, su warware in ba a kunna ba, kada ka jira zaman sulhu: ka canza musu wurin kwana daga yau, ka kai su asibiti. A wannan ɓangaren babu ƙaidin tsanani ko dawwama, ɗauke shi daga ƙarƙashin tagar wajibi ne a kansa.

Yanzu yadda za ka bi. Ka koma masa karo na uku, ku biyu kaɗai, da rana, ba cikin dare kana fushi ba, ba kuma a gaban iyalinsa ba. Sau da yawa magana takan ci tura ne saboda an ce wa mutum "ka daina" ba a ba shi mafita ba. Ka je da abubuwa ƙayyadaddu. Na farko wurin da za a mayar da injin, mafi nisa daga tagogin kowa, ba a kusurwa ba domin bango biyu suna dawo da sauti. Ba a soro ko ƙarƙashin matakala ba, kuma kada a rufe shi cikin akwati marar mashigar iska, domin zai yi zafi kuma gubar za ta taru. A ɗora shi a kan tsohuwar taya ko roba mai kauri, saboda yawancin rurin da kake ji cikin ɗaki girgiza ce da ke bin siminti ta shiga bango. A kira mai gyara ya duba salansa da notocin da suka kwance. Na biyu lokaci: ku yi ittifaƙi a kan lokaci sananne da zai riƙa kashe shi, misali ƙarfe goma sha ɗaya. Uzurinsa na zafi gaskiya ne, amma fanka mai caji da aka cika tun magariba takan ɗauki sa'o'i. Kuɗin ƙarin waya a kansa yake tunda shi ne mai kawar da cutar, amma in ka ce za ka biya rabi, sadaka ce gare ka kuma tana kashe gardama.

In ya ƙi, ka tafi wurin mai gida ko wakilinsa, domin shi ke da ikon cewa ga inda za a ajiye inji a gidansa. Daga nan mai unguwa ko limamin unguwa, sannan Hisba, kotu ita ce ta ƙarshe. Allah Yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Imam Nawawi ma ya sanya kai kukan zalunci wurin mai iko a farkon wurare shida da ambaton mutum ba ya zama giba. A hadisin Abu Huraira da Abu Dawud ya ruwaito, wani ya kawo kukan maƙwabcinsa ga Annabi (SAW), ya umarce shi da haƙuri sau biyu ko uku, daga baya ya ce ya fitar da kayansa kan hanya, har maƙwabcin ya zo ya ce ya koma ba zai sake ganin abin ƙi daga gare shi ba. Annabi (SAW) bai kira kukan nan giba ba.

Sharaɗin shi ne ka tsaya kan abin da ya faru: inda injin yake, ƙarfe nawa ake kashe shi, sau nawa ka yi magana, me kake nema. In ka ce "kullum har asuba" alhali ƙarfe biyu ne, ka yi masa ƙarya. In ka shiga zancen matarsa ko bashin da ake binsa, ka fita daga rangwamen. Haka ba da labarin a majalisa ko a zauren WhatsApp na unguwa, wurin waɗanda ba za su iya gyara komai ba, giba ce.

Bai halatta ka yanke masa waya, ko ka zuba wani abu a tankinsa, ko ka ƙure rediyo don ramuwa ba. Wanda ya ɓata dukiyar wani zai biya ko da shi aka fara cuta, kuma ramuwar ƙara za ta faɗa kan sauran magidanta biyu da ba su yi maka komai ba. Ka ci gaba da yi masa sallama da gaisuwa ko maganar tana gaban mai unguwa, domin ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku haramun ne.

Wallahu a'alam.